Takardar da Baba Ya Karanta a Zaure

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata aka aiko a kira ni ofishin shugabar makaranta. Na riƙe lokacin daidai domin ni ce mai kaɗa ƙararrawa a wannan zango, idona kullum yana kan agogon bango. Shekarata goma sha shida, saura mini shekara guda in gama, kuma a duk ajinmu ba wadda ta kai ni rashin magana. Abin da aka san ni da shi kawai shi ne rubutuna ba ya karkata, kuma ba na zubar da takarda.

Na tarar da wani mutum zaune kusa da tebur ɗin shugaba. Bahaushe ne, amma ya sa kwat da laktaye cikin zafin nan na bazara, shi ya sa daga baya 'yan mata suka riƙa ce masa mai kwat. Shi ne jami'in ɗaukar ma'aikata na wani kamfanin Turawa da ke da babban kanti a cikin gari, inda ake sayar da yadi da keken ɗinki da sabulu. Lokacin ana ta maganar mulkin kai, gwamnati tana matsa wa kamfanoni su ɗauki 'yan Arewa, su kuwa suna so a gan su da 'yan matan Arewa a ofis. Sun liƙa sanarwa da Turanci wata biyu, ba wanda ya kawo 'yarsa.

Ya dube ni ya ce, "'Yata, an ce ke ce gwanar Hausa. Ki faɗa mini gaskiya, me iyayenku suke tsoro? Me ya hana su kawo ku?"

Ba wani babba da ya taɓa tambayata ra'ayina a kan komai. Sai bakina ya buɗe. Na ce suna tsoron cuɗanya da maza. Suna tsoron yarinya ta yi yamma a hanya. Suna tsoron salla ta wuce ta. Na ce wasu kuma, kamar mahaifina, tsoronsu kada karatun ya tsaya, yarinya ta ƙare a 'yar aike. Ina faɗa yana rubutawa da alƙalami mai koriyar tawada. Da na gama ya miƙo mini takardar. Duk abin da na ce ana tsoro ya juya shi ya zama alkawari, da Turanci, guda shida a jere: ɗakin mata zalla da dattijuwa mai lura da su, wurin salla, tashi ƙarfe biyu, motar kamfani ta kai kowa gida, ɗakin karatu, da koyar da bugun tafireta wata shida har a ba da takardar shaida.

"Ki mai da shi Hausa," in ji shi, "irin wadda in babanki ya ji ba zai iya cewa a'a ba."

Kwana uku na yi a kansa. Na zaɓi kalmomi kamar mai tsince shinkafa. Takardarsa ta koriyar tawada kuwa na sa ta cikin littafin labarin ƙasa, kamar yadda nake yi da kowace takarda.

Ranar Asabar aka kai ni kantin a ɗauki hoto. Wani ɗaki ne a baya, an share shi an yayyafa ruwa. An kafa katako a bango, an jera littattafan da aka aro daga kabad ɗin makarantarmu, har da wanda na liƙe bangonsa da hannuna. Aka zaunar da ni gaban tafireta, aka zaunar da wata tsohuwa a gefena da carbi. Na tambayi mai kwat me ya sa littattafanmu ne. Ya ce nasu suna cikin jirgin ruwa, suna tafe. Wani abu ya ɗan taɓa ni a rai, amma na yi shiru, domin ina son hoton. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu.

Mahaifina akawu ne a sakatariya. A Unguwar Kanawa, inda muke, shi kaɗai ne cikin magidantan layinmu yake karanta boko. Kullum bayan la'asar ana shimfiɗa tabarmi a zaurenmu, mahauci ya zo, maƙeri ya zo, na'ibin liman ya zo, da amininsa tela wanda suka shekara ashirin suna cin tuwo a akushi ɗaya. Baba ya buɗe jarida ya karanta musu. Daga bakinsa suke jin sabon haraji, da ranar allurar shanu, da abin da aka yanke a majalisa. A wurinsu abin da inji ya buga maganar hukuma ce, abin da Baba ya karanta kuwa ya riga ya tabbata. Ba wanda ya taɓa ce masa, "Mu gani."

Da takardar kamfani ta fito, da hotona a gaba, Baba ya karanta ta a zaure da muryar da yake karanta sanarwar gwamnati. Ina bayan labule ina ji. Da ya gama ya ce, "'Yata ce ta rubuta, ta kuma je ta gani da idonta. Duk wanda ya ba da 'yarsa, ya ɗauka ni ya ba wa."

'Yan mata huɗu aka ɗauka, uku daga unguwarmu, ɗaya daga wajen Malali. Cikinsu har da ƙawata, 'yar Baba tela, aminin mahaifina. Ta girme ni da aji ɗaya, ta ci jarrabawa, an ba ta gurbi a kwalejin horon malamai mata, har an saya mata akwatin kwano. Ni na zauna da ita a gindin darbejiyar gidansu na ce mata ina amfanin tafiya wani gari shekara uku, ga tafireta a ƙofar gida. Ta rubuta wa kwalejin ta ce ta fasa. Aka ba wata gurbin.

Mako uku da fara aikinsu ta shigo gidanmu dab da magariba, ƙafafunta sun kumbura. Ta zauna bakin gadona ta cire takalmi.

"Malama marubuciya," ta ce, "na zo in ba ki labarin ɗakin karatunki. Katan-katan ɗin sabulu ne a ciki har rufi. In kina son karatu, akwai rubutu a jikin kwalayen."

Na ce, "Tafiretar fa?"

"Tana nan lafiya. Guda ɗaya ce, ta babban akawu ce, ya ce duk wadda ta taɓa sai ya karya mata yatsa. Dattijuwarki kuwa kullum muna gaisawa, ita ce mai waina a bakin ƙofa."

An tsayar da su ne a bayan kanta suna auna yadi, maza suna zuwa su jingina su yi ta ciniki ba don saye ba. Motar da aka ce, babbar motar kaya ce, ta kai su gida kwana tara, sannan aka ce an tura ta ɗauko fatu. Ba a tashi sai biyar. Salla kuwa sai dai su shimfiɗa mayafi a lungun sito, ɗaya ta yi gadi ɗaya ta yi. Albashi ana biya, ba a taɓa hana su ba, kuma da a ce tun farko an faɗa cewa aikin kanta ne, wataƙila da akwai waɗanda za su so shi haka. Amma ba don shi aka ba da waɗannan ba.

Kafin damina ta tsaya uku sun daina zuwa. Ƙawata ce kawai ta rage, domin ta ce in ta zauna gida kallon akwatin kwanon nan zai kashe ta.

Baba tela ya sa babbar riga ya tafi ofishin mai kwat. Da ya dawo bai shiga gidansa ba, zaurenmu ya zo, jama'a na zaune. Bai zauna ba.

"Malam," ya ce wa Baba, "na je. Mutumin ya ce su ba su yi wannan alkawarin ba. Ya ce abin da suke fatan yi nan gaba kawai suka rubuta da Turanci, yarinyar da ta juya shi Hausa ita ta ƙara gishiri, kai kuma ka ƙara naka da ka karanta. To ni ba na jin Turanci, ba na karanta boko. Kunnena na ba ka, da shi na ba da 'yata."

Washegari tela bai zo ba. Bayan kwana biyu maƙeri ya daina, sannan mahauci. Suka koma zama a ƙofar shagon tela, ba jarida, sai hira. Baba bai fasa sa a shimfiɗa tabarmin ba. Yakan zauna shi kaɗai da jarida, leɓɓansa na motsi. Sau ɗaya kawai ya tambaye ni, "Kin ga ɗakin nan da idonki?" Na ce na gani. Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Na nuna masa takardar koriyar tawada, ya karanta, ya mayar mini, ya ce, "Wa zai karanta musu ita? Ni?"

Sau biyu na tambayi mai kwat tambaya guda. Na farko na tare shi a harabar makaranta na ce, "Ranar da ka sa na rubuta, ka san babu?" Ya yi murmushi ya ce ana kan shiri, in gaida Malam. Na biyu a wasiƙa na rubuta, ba amsa.

Ban iya zagi ba, ban iya ɗaga murya ba. Amma na ƙulla shi a raina ƙulli mai tsanani. A aji malama tana bayanin kogunan duniya, ni ina kallon mai kwat a tsaye ana tambayarsa ya rasa bakin magana. So nake ya ji abin da Baba yake ji a kan tabarmin nan, kuma so nake ya ji a gaban mutane.

Da shekara ta zagayo, ina ajin ƙarshe, sai ga takardar ta sake fitowa. Ita ce dai, ba a canja ko wasali ba, da hotona a gaba. Aka raba ta a wasu unguwanni inda labari bai kai ba, aka kawo wa shugabarmu damin ta, ana neman sunayen 'yan mata takwas.

A nan na gane inda ƙarfinsa yake. Takardar boko ce, mutanen da aka yi wa alkawarin ba su taɓa riƙe shi a hannunsu ba, ji kawai suka yi, shi ya sa ya iya cewa mai karatu ne ya ƙara. Amma duk cikinsu ba wanda bai yi makarantar allo ba. Na sayo farar takarda, na fiƙe alƙalamin kara, na dama tawada. Na kwafe alkawuran shida da ajami, kalma da kalma kamar yadda inji ya buga su, na bar fili a gaban kowanne domin wanda ya gani da idonsa ya sa alama. Ban rubuta cewa ƙarya ne ba. A ƙasa na sa layi ɗaya: kada ku yarda da ni, kada ku yarda da mahaifina, ku je da kanku ku ce a nuna muku. Kwafi goma sha biyu na yi, kowanne na duba shi sau biyu da bugaggen.

Ƙawata ta karanta ta ce, "Ashe kina da haƙora." Ta ce a zo ranar Asabar da hantsi, lokacin kanti a cike yake, Baturen manaja kuma yana saukowa ƙasa.

Ba ni da fuskar da zan miƙa wa maza takarda. Sai aka yi suna a gidan maƙeri. Na bi gwaggona, ƙanwar Baba, wadda ba ta tsoron kowa, ita ta riƙa cusa wa matan takardun a ƙullin zane tana cewa, "Ki ba maigida, ki ce ya karanta da kansa, ai ya yi allo. Asabar da hantsi za a je kantin." Shugabar makaranta kuma na kai mata bugaggiyar takardar da ta koriyar tawada, na ajiye su gefe da gefe a kan teburinta. Ta daɗe tana dubawa. Ta tambaye ni ina littattafan da ke cikin hoton, na nuna mata kabad ɗinta.

Ranar Asabar ni da gwaggo muka je kantin kamar masu sayen atamfa. Wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga su sun shigo, dattijai bakwai da manyan riguna, kowa da takardarsa, mahauci a gaba, Baba tela a baya. Baba ba ya ciki, ba su ma gaya masa ba. Suka yi sallama, aka kira mai kwat.

Mahauci ya ɗaga takarda ya karanta a hankali, da irin muryar karatun allo. "Ɗakin mata zalla, da dattijuwa mai lura da su. To, ɗana, nuna mana."

Mai kwat ya ce masa, "Baba, ku zo ofis mu zauna, a kawo ruwa."

"Mun sha a gida. Ɗakin muke so."

"Ana kan shiri."

"Madalla. Nuna mana shirin. Ko tubali ɗaya ne mu sa masa albarka."

Masu ciniki suka bar ciniki suka matso. Na'ibi ya nemi wurin salla, ya ce yana so ya duba alƙiblarsa. Maƙeri ya ce shi motar yake so ya gani, ko tana bukatar gyara. Da aka zo kan ɗakin karatu ƙawata ta fito daga bayan kanta ba wanda ya sa ta, ta wuce ta tura ƙofar. Warin sabulu ya bugo. Wani daga cikin masu ciniki ya ce, "Kai, malaman nan sun yi tsabta!" Aka fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, fuskar mai kwat nake kallo, gumi yana bin laktayensa, kuma na ji daɗi har cikin ƙashina.

Baturen ya sauko ya tambayi abin da ke faruwa. Mai kwat ya fara yi masa bayani, ya kawo maganar yarinyar da ta ƙara gishiri. Na ji da kunnena, da Turanci. Gwaggo ta tsunkule ni ta ce, "Me yake cewa?" Takardarsa tana cikin mayafina, amma ƙafata ta ƙi ɗagawa. Har yau ina jin haushin kaina. Dattijan suka naɗe takardunsu suka fita, ba su cike filin ko ɗaya ba.

Duk da haka aikin ya yi. Shugabarmu ta mayar da damin takardun ba suna ko ɗaya. Kwafin ajamin suka yi ta yawo, wasu suka sake kwafa, har na ga wani a hannun mai kayan koli da rubutun da ba nawa ba. 'Yan tireda suka kai labarin Zariya a jirgin ƙasa. A wannan shekarar ko yarinya ɗaya kamfanin bai samu ba, har samarin da suka gama makaranta suka riƙa wuce ƙofarsa su tafi neman aiki wani wuri, suna cewa wanda ya yi wa mata haka me zai hana ya yi musu. Ƙawata ta bar aikin. Ta sake neman kwalejin, aka ce shekarunta sun wuce. Keken ɗinkin babanta ta gada, kuma ba ta taɓa barina na manta ba.

Amma zaurenmu bai cika ba. Mutanen sun ga babu ɗakin, ba su san wa ya ƙirƙire shi ba. Baba tela yana cewa ko dai kamfani ko dai gidanmu, Allah ne masani.

Wata biyu bayan haka, ranar wata Lahadi bayan la'asar, sai ga mai kwat a ƙofar gidanmu, cikin kaftani, da ƙullin goro. An ce babban manajansu yana tafe daga Ikko, kuma an ce masa ya kawo 'yan Arewa ko a kawo wani a kujerarsa. Ya zo da sabuwar takarda. A cikinta an rubuta aikin kanta ne, a tsaye, tashi ƙarfe biyar, ba mota, an keɓe lungu don salla. Ya roƙi Baba ya karanta wa jama'a, domin ya gwada ko'ina, an ce masa in ba daga bakin Malam akawu ba ko gaskiya ce ba za ta shiga ba.

Baba ya ce, "Wace jama'a? Ka ga kowa a nan?"

Ya tashi da kansa ya tafi shagon tela. Ban san abin da ya faɗa musu ba, amma suka biyo shi, su biyar, suka zauna a bakin tabarma kamar baƙi. Baba ya kira ni. Ban taɓa shiga zauren nan da maza a ciki ba. Na durƙusa daga bakin labule, na tura takardar koriyar tawada gaban mai kwat.

Baba ya ce, "Kafin in karanta komai, 'yata tana da tambaya. An ce ta yi maka sau biyu."

Na ɗaga kai na dube shi. Na ce, "Wannan rubutunka ne. Ranar da ka sa na mai da shi Hausa, ka san babu?"

Ya dubi takardar, ya dubi goron da ba wanda ya taɓa. Baba tela ya gyara zama ya ce, "Da Hausa, ɗana. Mu ma mu ji."

"Na sani," in ji mai kwat. "Ko ɗaya babu, kuma ba a yi niyyar yi ba. An ce in kawo 'yan mata, na tambaye ta abin da kuke tsoro, na rubuta muku abin da kuke so ku ji. Na ɗauka in sun fara aiki suka saba, maganar za ta mutu. Yarinyar nan ba ta ƙara kalma ba. Malam ma bai ƙara ba. Ni ne."